Kumburin Ƙafa Ɗaya: Kada a Murza



Mu ɗauki misalin wata mai jego a nan Keffi. An yi mata aiki aka ciro jariri, ta koma gida ta kwanta, ba ta tashi sai da dalili. Ana cikin mako na biyu sai sharaɓarta ta hagu ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo in ta taka. Ta dama kuwa lafiya lau. Abin da za a fara cewa a gida shi ne jijiya ce ta harɗe, a kawo man zafi a murza. To, a dakata tukuna.

Can cikin naman ƙafa akwai manyan jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya, kuma motsin sharaɓa ne ke tura shi sama. In mutum ya daɗe a kwance, ko ya zauna a mota fiye da awa 4 bai miƙe ba, jinin kan yi sanyin gudu har ya daskare ya zama guda. Jinin mai ciki da mai jego ya fi saurin daskarewa, musamman a mako 6 na farko bayan haihuwa, kusan daidai da kwana arba'in ɗin jegonmu.

Ita mai jegon nan, a asibiti za a auna kaurin sharaɓa biyun, santimita 10 ƙasa da ƙashin da ya turo a ƙarƙashin gwiwa. Idan mai ciwon ta fi ɗayar da sama da santimita 3, zargi ya ƙaru. Sai dai awo ba ya yanke hukunci, domin maruru ko yagewar nama ma kan kumbura ƙafa. Hoton jijiya na na'ura, irin wadda ake duba ciki da ita, shi ke tabbatarwa. Saboda haka a kai ta Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Keffi a ranar, ba sai gobe ba. Kada a murza, kada a yi ƙaho, don gudan na iya ɓallewa. In ya tabbata, za a ɗora ta a kan maganin hana jini daskarewa, galibi wata 3 ko fiye.

Gudan da ya ɓalle huhu yake nufa, ya toshe hanyar jini. Alamarsa ita ce numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ƙirji ya riƙa suka in an ja iska, zuciya ta yi ta bugawa da sauri, ko tari ya zo da jini, ko mutum ya some. Wanda ya ga haka, ko da tsakar dare ne, ya nemi mota zuwa sashen gaggawa. A ɗauki mai jegon zuwa motar, kada a bar ta ta taka, kuma da isa a faɗa wa likita ranar da ta haihu da ranar da ƙafar ta fara kumbura.