Rawar ƙwayar cuta a cikin ɗigon ruwa: yadda 'yan lab ke gane mai tafiya da mai kakkarwa

Idan an taɓa yi maka gwajin taifod irin wanda ake kira Widal, ɗauko takardar ka sake dubawa. Za ka ga haruffa biyu suna ta maimaituwa, O da H. Yawancinmu lambar da ke gefe kawai muke kallo mu wuce kemis. To, wannan H ɗin yana nufin wata siririyar jela ce da ke jikin ƙwayar cutar taifod, wadda da ita take iyo. Masana suna kiran ta filajela. O kuma na bangon jikin ƙwayar ne.

Jelar nan siririya ce ƙwarai. Kaurinta wajen nanomita 20 ne, alhali madubin likita na yau da kullum, mai aiki da haske, ba ya iya rarrabe abin da ya gaza nanomita 200. Ma'ana, ko ka kafa ido har gobe ba za ka gan ta ba, sai an yi mata rini na musamman da zai ƙara mata kauri. Shi ya sa ma'aikacin lab bai cika neman jelar kanta ba. Tafiyar ƙwayar yake kallo, daga salon tafiyar ya hasaso inda jelar take da kuma yawanta.

Kada ka ɗauka kaɗa ta take yi kamar wutsiyar kifi. Juyawa take yi kamar farfelar jirgin ruwa, kuma a gindinta akwai ɗan inji da ke dashe a fatar ƙwayar. Inda jelar ta tsiro shi ke bambanta ƙwayoyin. Ƙwayar kwalara, wato Bibriyo, jela ɗaya tak gare ta a ƙarshen jikinta, ana ce wa wannan tsari monotirikas. Helikobakta, wadda ke da hannu a gyambon ciki da muke kira olsa, tana da tuntun jeloli a gefe guda, lofotirikas ke nan. Akwai masu jela a gaba da baya, amfitirikas, kamar yadda ake yawan ganin Kamfilobakta. Sai feritirikas, masu jeloli ko'ina a jiki kamar gashin buzuzu, irin su Salmonela mai kawo taifod. Sunayen suna da nauyi a baki, na sani. Abin da ya fi amfani ka riƙe shi ne bambancin mai jela ɗaya da mai jeloli da yawa.

Mai jela ɗaya harbawa take yi, fiit, kamar ɗan acaɓan da ya hango fasinja a tsallaken titi. Mai jeloli da yawa kuwa tafiyarta da tsari biyu. Idan injinan suka juya saɓanin yadda hannun agogo ke tafiya, jelolin sai su haɗu su zama igiya ɗaya a baya, ƙwayar ta miƙe sambal na kamar daƙiƙa guda. Da zarar sun juya ta ɗaya ɓangaren sai igiyar ta warware, ƙwayar ta wuntsula a wuri ɗaya, sannan ta kama sabuwar hanya. Gudu, wuntsule, gudu, wuntsule. Akwai kuma waɗanda ba su da jela sam, irin su Shigela mai kawo atuni da Kilebsiyela. Waɗannan inda aka ajiye su nan suke.

Yanzu mu ɗauki abin da ya shafe mu kai tsaye. Damina ta yi nisa, an kawo mara lafiya yana gudawa fara tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, ana zargin kwalara. Tsirar da ƙwayar a faranti har a tabbatar da ita zai ci aƙalla kwana guda, sau da yawa fiye. Amma akwai gwaji mai sauri da zai ba da haske cikin mintuna, ana kiran sa ɗigo mai reto, don ɗigon ruwan a rataye yake.

Kayan aikin ba su da yawa: gilashin madubi mai ɗan rami a tsakiya, siririn gilashin rufi, basilin, da waya mai zobe a baki. Ma'aikaci zai ɗiga basilin kaɗan a kusurwoyi huɗu na gilashin rufin. Zai ƙona wayar a wuta, ya jira ta huce, ya ɗebo ɗigo ƙarami na samfurin ya ajiye a tsakiyar rufin. Idan ƙwayoyin ba su da yawa a bayan gidan, sai a fara zuba shi a ruwan fefton mai ɗan kanwa-kanwa, a bar shi awa 6 zuwa 8 a zafin digiri 35 zuwa 37, don Bibriyo tana son irin wannan ruwa, tana riga sauran ƙwayoyi yawaita a cikinsa. Daga nan sai ya kifa gilashi mai ramin a kan rufin, ramin ya yi daidai da ɗigon, basilin ya kama. Sai ya juyo shi da sauri. Ɗigon yanzu yana lilo daga rufin, a cikin ramin, bai taɓa komai ba.

Me ya sa duk wannan wahalar, ba a danne ɗigon tsakanin gilasai biyu kawai ba? Ana yin hakan ma. Sai dai dannewa na sa ruwan ya riƙa gudana, kuma yana saurin bushewa. Ɗigo mai reto yana ba ƙwayoyin fili, basilin kuma yana rage bushewa.

A madubi ana farawa da ƙaramin ido, mai lamba 10, a nemo bakin ɗigon, a rage haske, sannan a koma mai lamba 40. Rage hasken nan dole ne, don ƙwayoyin ba su da rini, kusan garau suke kamar ruwan, haske mai yawa sai ya shanye su. Bakin ɗigon kuma ya fi sauƙin saitawa, ruwan wurin ba zurfi, sannan ƙwayoyi masu son iska sukan taru a can. Idan kwalara ce, za a ga 'yan ƙananan abubuwa masu ɗan lanƙwasa kamar waƙafi suna harbawa ta ko'ina, har ido ya kasa bin guda ɗaya.

Nan ne fa inda sabon shiga ke faɗawa rami, don ba duk motsi ne tafiya ba. Duk wani ƙanƙanin abu da ke cikin ruwa, ko matacciyar ƙwaya ce ko ƙura, yana kakkarwa a wuri ɗaya saboda ƙwayoyin ruwan suna ta bugunsa. Masanin tsirrai Robert Brown ne ya bayyana wannan a 1827, har yau da sunansa ake kiran motsin. Yadda za ka bambance: zaɓi ƙwaya ɗaya, ka lura da maƙwabtanta biyu ko uku. Idan bayan 'yan daƙiƙoƙi tana nan tsakaninsu tana rawar sanyi, ba ta je ko'ina ba. Mai tafiyar gaske sai ta bar unguwar. Tarko na biyu shi ne ka ga kowa da kowa ya nufi gefe ɗaya da gudu iri ɗaya, kamar leda a kwata bayan ruwan sama. Wannan ruwan ne ke gudana, ko don ɗigon ya yi girma ya taɓa ƙasan ramin, ko madubin a karkace yake, ko gefe ɗaya na bushewa. Masu tafiyar gaske kowacce da alƙiblarta, wata gabas wata yamma.

Akwai kuma kuskuren da ke zuwa ta bayan gida, wato ƙwaya mai tafiya ta bayyana kamar gurguwa. Waya mai zafi da ba a bari ta huce ba tana kashe ta. Samfurin da ya daɗe a ajiye, ko wanda aka ɗebo a fo ɗin da aka wanke da maganin kashe ƙwayoyi, shi ma haka. Saboda haka rashin ganin motsi a ɗigo ɗaya ba ya wanke mara lafiya daga kwalara.

Ko an ga harbawar ma, zato ne mai ƙarfi kawai. Kamfilobakta ita ma tana harbawa. Idan lab ɗin yana da ruwan garkuwar da aka tanada don Bibriyo nau'in O1, sai a ɗiga a kai: in motsin ya tsaya cak, zaton ya ƙara ƙarfi sosai. Tabbatarwa dai sai an tsirar da ita a farantin da ake rubuta wa TCBS, inda take fitowa ruwan ɗorawa, a bi da sauran gwaje-gwaje. Kuma mai gudawa irin wannan ba ya jiran sakamako kafin a fara ba shi ruwan gishiri da sukari ko ƙarin ruwa a asibiti, don ƙarewar ruwan jiki ke kisa, cikin awoyi.

Hanya ta biyu ba ta buƙatar madubi ko kaɗan, kuma a ganina ta fi dacewa da mai koyo, don ƙwayoyin a rufe suke cikin kwalba. Aga wani gari ne da ake samu daga ciyawar teku, yana daskarar da abincin ƙwayoyi kamar kamu ya kwanta. A faranti ana sa wajen giram 1.5 a mililita 100, ya yi taurin da yawancin ƙwayoyi ba sa iya ratsawa. Don gwajin tafiya kuwa sai a rage zuwa giram 0.3 ko 0.4, ya zama laɓu-laɓu, ba ruwa ba, ba tauri ba.

Ka ɗauka an tsirar da ƙwaya daga bayan gidan wani yaro, ta fito fari-fari a faranti, kuma ana tababa tsakanin Salmonela da Shigela, don a wasu farantan kamarsu ɗaya. Sai a ɗauki miƙaƙƙiyar allura, a taɓa ƙwayar, a soka a tsakiyar kwalbar zuwa kamar rabinta, a zaro ta kan layin da ta shiga. A sa a inkubeta a digiri 35 zuwa 37, a dawo bayan awa 18 zuwa 24, a ɗaga kwalbar a haske. Idan an ga siririn layi mai kaifin gefe, sauran wurin garau, ƙwayar ba ta tafiya, hankali sai ya karkata ga Shigela. Idan hazo ya bazu daga layin kamar hayaƙin turaren wuta, har wani lokaci kwalbar duka ta yi duhu-duhu, mai tafiya ce, an cire Shigela daga lissafi, sai a bi sawun Salmonela da wasu gwaje-gwajen. Wasu lab suna ƙara wani rini, TTC, wanda ke komawa ja duk inda ƙwaya mai rai ta kai, don karatun ya yi sauƙi.

Nan ma hannu na iya yin ƙarya. Idan allurar ta yi rawa wajen shiga ko fita, za ta shafa ƙwayoyi a gefe, gobe a ga kamar fanka a ce tafiya ce. Idan aga ya yi yawa, mai jela ma sai ta maƙale. Shi ya sa mai hankali ke soka kwalabe biyu na shaida tare da samfurin, ɗaya da ƙwayar da aka san tana tafiya, ɗaya da wadda aka san ba ta yi, irin Kilebsiyela. In shaidun suka ba da amsar da ba ta dace ba, an san matsalar daga haɗin ne.

Zafi ma yana canza amsa. Listeriya, wadda ke da haɗari ga masu juna biyu, kusan ba ta yin jela a digiri 37, wato zafin jikin mutum. Amma ka ajiye kwalbarta a digiri 25, sai ta bazu ƙasa kaɗan da saman agan, ta yi siffar lema. Don haka idan ita ake zargi, kwalabe biyu ake sokawa, ɗaya ta shiga inkubeta, ɗaya a ajiye ta a wajen digiri 25, gobe a jera su a kwatanta.