Gaisuwar Sallah da Ta Makara: Yadda Ake Gina Gajeren Labarin Sulhun Tsofaffin Abokai

Gajeren labarin da aka gina a kan gaisuwar Sallah da ta makara yana tsaye ne a kan abu guda, wato makarar kanta. Aminai biyu sun rabu shekara da shekaru, ɗaya ya aika wa ɗan'uwansa barka da Sallah, saƙon bai isa ba sai bayan an watse, kuma isowarsa a makare ce ta sa suka sake haɗuwa. Idan za a iya cire jinkirin labarin ya tafi daidai, to marubucin bai yi aikinsa ba. Dole ne makarar ta canja ma'anar saƙon, ta tilasta wa wanda ya karɓa yin abin da ba zai yi ba da a ce takardar ta zo a kan kari.

Dalilin da ya sa gaisuwar Sallah ta dace da wannan aiki shi ne tana da wa'adi. "Barka da shan ruwa" ta watan azumi ce. "Barka da Sallah" tana tafiya ranar idi da 'yan kwanakin da ke biye, lokacin yawon Sallah da hawan sarakuna, kamar Hawan Daushe da Hawan Nassarawa a Kano. Bayan nan sai ta koma tambaya: "An yi Sallah lafiya?" Da an yi nisa cikin Shawwal, wanda ya ce maka barka da Sallah sai ka yi masa dariya. Haka kuma Sallah lokaci ne na neman gafara, don haka mutumin da girman kai ko kunya ta hana shi magana shekara ashirin yana iya fakewa da ita ya miƙa hannu ba tare da ya zubar da girmansa ba. Mai karatu Bahaushe ya san duk wannan tun yana yaro, marubuci ba ya bukatar ya yi masa bayani.

Kalanda ma tana taimakawa. Ƙaramar Sallah tana faɗowa 1 ga Shawwal, Babbar Sallah kuma 10 ga Zulhajji, tsakaninsu wata biyu da kwana goma, kusan kwana 70. Wannan tazara ta isa wanda ya aika saƙo ya fid da rai, amma ba ta kai a ce komai ya lalace ba.

Ga misalin yadda za a iya shimfiɗa irin wannan labari. Wasu yara biyu sun tashi tare a zangon Kumasi, makarantar allonsu ɗaya, suka girma ɗaya tela ɗaya mai awon hatsi. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama a Ghana mako biyu su fice. Telan yana cikin waɗanda suka tattara ya-nasu-ya-nasu suka nufo Najeriya. Keken ɗinkinsa bai ɗauku ba, sai ya bar wa amininsa amana a kan ya sayar ya aiko masa da kuɗin Kano. Kuɗi bai zo ba, wasiƙa ma ba ta zo ba. Telan ya fara daga tushe a matsayin yaron shago, ya kuma daina ambaton sunan abokin nasa. Korar ta 1969 ta faru a tarihi. Mutanen biyu da kekensu ƙagaggu ne. Irin wannan haɗi yana ba labari ƙarfi, domin rabuwar tana da sanadin da ya fi ƙarfin su biyun, ɓacin ran kuwa nasu ne su kaɗai.

Ana buɗe labarin ne a tsakiyar shekarun 1990, kafin wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, lokacin da saƙo yake tafiya ta gidan waya ko ta hannun matafiyi. Cikin goman ƙarshe na azumi, na Kumasi ya rubuta takarda da ajami, ya ƙunsa goro 'yan ƙwayoyi a ganye, ya ba wani falke ɗan goro mai komawa Kano. A takardar ya yi barka da shan ruwa da barka da Sallah, sannan ya faɗi gaskiya: ya sayar da keken, mahaifiyarsa ta kwanta ciwo, kuɗin ya tafi a magani, kunya ta rufe masa baki. Ya ƙare da cewa idan an yafe masa a ba falken amsa ko da layi ɗaya ne, idan kuma ya ji shiru ya fahimta, ba zai sake damun kowa ba.

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce ƙashin bayan labarin. Ita ta mayar da shiru ya zama amsa. Daga ranar da aka rubuta ta, duk kwanan da takardar ta yi a hanya yana gaya wa mai aikowa cewa an ƙi shi.

Sai dalilin jinkirin, kuma nan ne marubuta da yawa suke sakaci. Su ce mota ta lalace, ko takarda ta ɓata a gidan waya, abin da zai iya faruwa a kowane labari a kowace ƙasa. Dalili mai kyau daga halin mutane da al'adarsu yake fitowa. Falken ya iso Kano daren jajiberi. Da safe ya zura saƙon a aljihun babbar rigarsa ta Sallah da niyyar ya biya ta shagon telan bayan an sauko daga idi. Baƙi suka cika gida, aka shiga gaishe-gaishe, da yamma uwargida ta ninke rigar ta mayar akwati. Riga ce da ba a saka ta sai Sallah. Ba a sake fito da ita ba sai jajiberin Babbar Sallah, da za a kai ta wurin bugu, aka ji wani abu a aljihu. Duk wanda ya taɓa tsintar tsohon kuɗi a aljihun kayan Sallarsa zai yarda da wannan ba gardama. Ga shi kuma ba mugunta a ciki, mantuwa ce irin ta ɗan Adam, saboda haka labarin bai sami mugun da zai janye hankali daga kan aminan biyu ba.

Wurin da ya kamata marubuci ya daɗe shi ne isowar takardar. Shagon tela a jajiberin Sallah ya cika maƙil, masu kaya suna tsaye a kansa, wani yana rantsuwa ba zai tafi ba sai da rigarsa, yara suna guga da dutsen gawayi. Falken ya shigo yana sosa ƙeya, ya yi ta jan gaisuwa ya kasa zuwa ga magana. "Malam, ka yi mini aikin gafara, wani saƙo ne ya kwana a hannuna." Telan ya tambayi kwana nawa. Falken ya ce tun azumi. Da aka kwance ƙunshin, ganyen ya bushe yana karyewa, goron ya yamushe ya yi tauri, ba ya ciyuwa. Mai karatu ya ga tsawon jinkirin da idonsa, ba sai an ƙirga masa ba. Telan kuma tun kafin ya karanta kalma ɗaya ya gane rubutun, don a gaban malami ɗaya suka koyi riƙon alƙalami. Bai kamata a ce hawaye ya zubo masa ba. Ya isa a nuna ya ɗauke ƙafa daga kan keke, a ranar da babu telan da ke tsayawa ko don cin abinci.

Daga nan lissafin yake juyawa. Da takardar ta zo ranar Ƙaramar Sallah, telan zai rubuta "na yafe" ya ba falken, magana ta mutu, kowa ya ci gaba da zama a garinsu. Yanzu kuwa falken ya riga ya koma Kumasi sau ɗaya hannu rabbana, kunya ta sa ya kauce wa mai saƙon, shi kuma ya ɗauka an ba shi amsa. Wanda aka cuta shekara ashirin da wani abu ya wayi gari shi ma ana bin sa bashin amsa ta wata biyu. Takarda ba za ta gyara wannan ba, kuma bayan abin da ya faru ba zai sake amincewa da aljihun kowa ba. Sai ya bari a yi layya, a soya nama, ya cika ƙaramar roba da shi, ya hau mota. Tafiyar ba ta bukatar fiye da sakin layi ɗaya.

Haɗuwar tana son taƙaitawa. Dattawan Hausawa biyu ba sa buɗe irin wannan zama da zancen laifi. Sallama za a yi, a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa, a tambayi hanya da iyali da gajiya, kowa yana satar kallon furfurar ɗan'uwansa. Abin da ke fasa shirun yawanci tsokana ce, ko sunan ƙuruciya da babu wanda ya rage a duniya mai kiran mutum da shi. Telan zai iya ajiye busasshen goron a tabarma ya ce, "Mutumina, wannan ne goron Sallar tawa?" Idan ɗayan ya yi dariya, mai karatu ya san an shirya. Maganar keke tana iya zuwa bayan sallar isha'i, ko a bar ta a bayan fage.

Kurakuran da ke kashe irin wannan labari sanannu ne. Mafi yawa shi ne a kashe mai aikowa kafin abokin ya iso, don a matso hawayen mai karatu. Wannan wani labari ne daban, na nadama, kuma an yi shi har ya gundura. Na biyu shi ne wa'azi: a shigo da liman ko wani dattijo ya yi dogon jawabi a kan haramcin ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku. Mai karatu ya san hadisin, aminan ma sun san shi, sanin ne ma yake cin su. Akwai kuma cika labari da tarihin baya har isowar takardar ta koma shafi na ƙarshe. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata marubuta, tana karɓar labari mai kalma 1,000 zuwa 1,500. A irin wannan tsawo, Kumasi da keken ɗinki bai kamata su ci fiye da kashi ɗaya cikin biyar ba, kuma gara a warwatsa su cikin tunanin telan yayin da yake karatu. Shagon da takardar su ɗauki kusan rabi.

Wanda ke son ya kafa labarin a zamanin yau yana da ƙarin aiki, domin waya tana nuna ko saƙo ya shiga da ko an buɗe shi. Dole ya nemo jinkirin da mai karatu zai gamsu da shi: layin da aka daina amfani da shi, wayar da ta kwana biyu a wurin mai gyara, ko saƙon murya da ya nutse a cikin ɗaruruwan hotunan barka da Sallah da ake turawa kowa da kowa, har sai da jika ta zo share su don waya ta cika. Sharaɗin bai canja ba. Mai aikowa ya zama yana jiran amsa yana fassara shirun, kuma lokacin da aka ji muryarsa ya kasance amsa ta waya ta yi kaɗan, sai an taka ƙafa an je.