Fili Ɗaya, Masu Shi Biyu: Yadda Ake Gyara Iyakoki a Taswirar Kwamfuta

A hukumomin filaye irin su AGIS a Abuja da KADGIS a Kaduna da KANGIS a Kano, kowane fuloti yana da siffarsa a kwamfuta: layuka ne da suka tashi daga kusurwa zuwa kusurwa har suka rufe. Maƙwabta biyu iyaka ɗaya ce tsakaninsu, amma a kwamfuta sau biyu ake zana ta, sau ɗaya ga kowane fuloti. Idan layukan biyu ba su kwanta a kan juna daidai ba, ko dai a samu giɓi, wato tsirin ƙasa da ba na kowa ba, ko kuwa wani fuloti ya hau kan wani, ƙasa ɗaya ta zama ta mutum biyu.

Ido ba ya kama irin wannan a taswirar unguwa guda, don haka ake kafa wa manhaja dokokin da ake kira tofoloji. A ArcGIS, Must Not Overlap na hana fuloti hawa kan wani, Must Not Have Gaps kuma na hana barin giɓi. QGIS, wadda kyauta ce, tana da irinsu a Topology Checker. Da an danna Validate, manhajar za ta bi filayen duka, ta yi wa kowane kuskure jar alama.

Mu ɗauki misalin filaye biyu da ke jere, na 14 da na 15, kowanne faɗin mita 15, tsawon mita 30. Takardar safiyo ta ce kowanne murabba'in mita 450 ne. Manhaja ta nuna jan tsiri a tsakaninsu, faɗinsa santimita 40, ya bi tsawon iyakar gaba ɗaya, wato murabba'in mita 12. Kafin ma'aikaci ya taɓa komai, sai ya duba girman kowanne a kwamfuta. Na 14 ya ba da 450 cif, na 15 kuwa 462. Ragowar 12 ɗin ta nuna wanda ya kumbura. Da aka buɗe fayil, sai aka ga an shigar da na 14 da lambobin turakun siminti da safiyo ya auna, shi kuwa na 15 an bi layinsa ne a kan hoton tsohuwar taswirar takarda, wadda kan miƙe ko ta tsuke da shekaru.

A nan ne zaɓin gyara ke da haɗari. ArcGIS na ba da hanyoyi uku. Subtract kan yanke tsirin daga filayen biyu, sai na 14 ya koma 438, a kuma haifar da giɓi. Create Feature kan mayar da tsirin sabon fuloti mara mai shi. Merge ne ya dace: a bar tsirin ga na 14, a cire shi daga na 15, kowanne ya tsaya a 450, sannan a sake danna Validate don a tabbatar gyaran bai ɓata kusurwar fulotin da ke bayansu ba.

Giɓi ma sai an tantance shi. Siririn tsiri mai santimita biyu ko uku yawanci kuskuren hannu ne, sai a cike shi a haɗa da fulotin da takarda ta goyi baya. Mai faɗin mita biyu ko uku kuwa yana iya zama lungu ko kwata da ba a zana ba, kuma duk wanda ya haɗa shi da fulotin wani ya ba da hanyar jama'a kyauta. Dokar giɓi a ArcGIS kan ɗauki kewayen unguwar ma a matsayin kuskure, shi wannan sai a yi masa alamar Exception a wuce.

Idan kuwa rukunin filaye gaba ɗaya ya goce gefe guda da gomman mitoci, matsalar ba ta zane ba ce. Galibi an cakuɗa tsohon ma'aunin Minna ne da WGS 84 na GPS, kuma maganin shi ne a juya lambobin zuwa ma'auni ɗaya kafin a gyara ko da layi guda. Haka kuma kada a ɗaga Cluster Tolerance don jajayen alamomi su ɓace. ArcGIS na ajiye shi a milimita ɗaya, kuma wanda ya kai shi rabin mita zai sa kusurwoyin da aka auna daidai su matsa ba tare da kowa ya sani ba.

Wani lokaci filayen biyu duk sun dace da takardunsu, amma sun hau juna. Wannan ba aikin mai kwamfuta ba ne. Sai safiyo ya koma filin ya nemo turaku, a kira masu filayen da mai unguwa, hukuma ta yanke hukunci, sannan a gyara taswira bisa abin da aka yanke, a kuma adana tsohon zanen da dalilin canza shi a cikin fayil.