Inzayim na hanzarta aiki, amma me ya sa ba ya sauya matsayarsa?

A cikin jajayen ƙwayoyin jinin ɗan Adam akwai wani inzayim mai suna kabonik anhaidires. Idan jini ya ratsa tsoka mai aiki, yakan haɗa iskar CO₂ da ruwa, su koma sinadarin baikabonet da jini ke iya ɗauka cikin sauƙi. Da jinin ya isa huhu, sai shi dai wannan inzayim ɗin ya warware abin da ya ƙulla, iskar ta fito a numfasar da ita. Ƙwaya ɗaya tasa kan yi wannan aiki kusan sau miliyan a daƙiƙa guda.

CO₂ + H₂O ⇌ HCO₃⁻ + H⁺

To wa ke gaya masa ɓangaren da zai tura? Babu kowa, domin ba ya tura komai.

Kowane sauyi na sinadarai yana da tudu a tsakiyarsa. Kafin ƙwayoyi su rikiɗe, dole su bi ta wani yanayi na tsaka-tsaki, inda tsohon ɗauri ya fara kwancewa, sabo kuma bai gama ƙulluwa ba. Makamashin da ake buƙata don kaiwa ƙololuwar nan shi ne shingen da ke jinkirta aikin, don ƙwayoyi ƙalilan ne ke samun ƙarfin hawa a kowane lokaci. Linus Pauling ya bayyana dabarar inzayim tun a shekarun 1940: ramin da ke jikinsa ya fi dacewa da siffar tsaka-tsakin fiye da siffar farko, sai ya riƙe ta gam, tudun ya yi ƙasa. Ragi kaɗan ma ya isa. A zafin ɗaki, duk kilojul 5.7 da aka zabge a kan mol ɗaya yana ninka sauri sau goma.

Tambayar da ɗalibai suka fi yi ita ce: tunda hawa ya yi sauƙi, me zai hana komai ya tsallaka can?

Amsar ita ce tudun ɗaya ne, kuma daga ɓangarori biyu ake hawansa. Idan aka sassare kansa, mai zuwa da mai dawowa duk sun samu ragi iri ɗaya. A ɗauka cikin kowace ƙwaya ɗari ta A, uku ke komawa B a minti guda, cikin kowace ɗari ta B kuma ɗaya ke dawowa. Abin zai tsaya ne lokacin da B ta ninka A sau uku: a A 100 da B 300, uku na tafiya, uku na dawowa. Yanzu a zuba inzayim ya ninka sauri sau dubu. Dubu uku na tafiya, dubu uku na dawowa, rabon yana nan uku bisa ɗaya. Abin da ya sauya kawai shi ne an iso da wuri.

Matsayar daidaito ta dogara ne ga bambancin makamashi tsakanin kayan farko da na ƙarshe, shi kuwa inzayim yana fitowa yadda ya shiga, bai ba da komai ba, bai karɓa ba. Da a ce yana iya karkata ma'aunin, da sai a riƙa tsoma shi ana cirewa, sinadarai na kai da komo, ana tatsar makamashi a banza har abada. Dokar kimiyya ba ta yarda da irin wannan garaɓasa ba.

A jini, yawan kaya ne ke yanke hukunci. Tsoka na ta zubo CO₂, sai aikin ya gangara wajen baikabonet. Huhu na ta fitar da ita, sai ya juyo. Amfanin inzayim ɗin shi ne lokaci: jini bai cika daƙiƙa ɗaya a ƙananan jijiyoyin huhu ba, alhali ba tare da shi ba sauyin kan ci daƙiƙoƙi da dama.

Masu masana'antar zaƙi a Amurka sun san wannan iyaka a aljihunsu. Suna amfani da inzayim gulukos aisomares wajen mayar da gulukos na masara zuwa furuktos, wanda ya fi zaƙi. Daidaiton yana tsayawa ne wajen rabi da rabi, a aikace kuma sukan tsaya a kashi 42 cikin ɗari, don ragowar tafiyar tana jan lokaci. Ko an ninka inzayim sau goma, ba za a wuce matsayar ba. Kamfanonin lemon kwalba kuwa kashi 55 suke so, saboda haka sai a tace wani kaso har furuktos ɗinsa ya kai wajen kashi 90, sannan a gauraya shi da na 42 ɗin.