Kuɗinki, Ƙarfinsa: Wa Ke Ɗaukar Asara a Kiradi?

A ɗauka wata Hajiya ta tara naira miliyan 2, ga kuma ƙanen mijinta da ya san kan hatsi a kasuwar Dawanau amma ba shi da jari. Sai ya zo ya ce: "Hajiya, ki ba ni in juya. Duk wata zan kawo miki dubu 80, uwar kuɗinki kuma tana nan ko me ya faru." Da yawanmu za mu ce ya yi mata adalci, har da ƙari. A fiƙihu kuwa wannan yarjejeniya ta ɓaci tun kafin a sayi buhu ɗaya, domin kuɗin da aka lamunce za su dawo cif, kuma suna haifar da wani adadi yankakke duk wata, rance ne da kuɗin ruwa, ko da wane suna aka kira shi.

Abin da suke nufin yi shi ne mudaraba, wadda malamanmu na Malikiyya suka fi sani da kiradi: ɗaya ya kawo kuɗi, ɗaya ya kawo aiki. Hanya ce tsohuwa wadda Larabawan Makka suka daɗe suna bi tun kafin Musulunci, kuma Imam Malik ya ware mata babi guda a Muwaɗɗa. A can ne ya kawo labarin 'ya'yan Sayyadi Umar biyu, Abdullahi da Ubaidullahi, waɗanda gwamnan Basra, Abu Musa Al'ash'ari, ya ranta wa kuɗin baitulmali su kai Madina. Suka sayi haja a Iraƙi, suka sayar a Madina, suka ci riba. Umar ya nemi su miƙa uwa da riba duka. Abdullahi ya yi shiru, Ubaidullahi kuwa ya kafa hujja da cewa da kuɗin sun salwanta su za su biya, don haka ribar tasu ce. Daga ƙarshe aka mai da abin kiradi, baitulmali ya karɓi uwar kuɗi da rabin riba. Hujjar Ubaidullahi ita ce ƙashin bayan babin: riba tana bin wanda ya ɗauki kasada.

To yaya Hajiya da ƙanen mijinta za su gyara? Su yanke rabon riba da kaso, kamar ita 60 cikin ɗari shi 40, ko rabi da rabi, duk yadda suka yarda. Kason na riba ne, ba na uwar kuɗi ba, kuma a nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Idan aka ce "kashi 5 cikin ɗari na kuɗinki duk wata", an koma gidan jiya.

Mu bi lissafin. Ya sayi wake a kaka, ya biya dako, kuɗin mota, hayar sito da maganin ƙwari, duk daga cikin miliyan 2 ɗin. Bayan wata huɗu ya sayar, kuɗi suka zama miliyan 2 da dubu 400. Za a fara ware uwar kuɗi, ragowar dubu 400 ita ce riba: Hajiya ta ɗauki dubu 240, shi dubu 160. Ba shi da albashi a kan wannan. Malikiyya dai sun ba shi damar ci da sutura daidai gwargwado daga jarin idan tafiyar fatauci ce kuma kuɗin suna da kauri, amma in yana zaune a garinsu, tuwon gidansa daga aljihunsa yake.

Idan kuma farashi ya karye, ya tashi da miliyan 1 da dubu 700, dubu 300 da suka tafi na Hajiya ne ita kaɗai. Shi asararsa wata huɗu na zirga-zirga da ya yi a banza. Masu kuɗi ba sa son jin wannan, kuma na fahimce su, amma shi ya halatta musu ribar da ba su yi gumi a kanta ba. Akwai abin da ke rage musu zafi: in aka ci gaba da juya ragowar, riba ta gaba sai ta cike giɓin uwar kuɗi kafin a raba ko sisi. Idan zagaye na biyu ya kawo dubu 500, dubu 300 na farko ciko ne, dubu 200 kawai za a raba.

Mai juya kuɗi amintacce ne a idon shari'a, ba ya biyan asara sai ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. In an ce masa hatsi kawai ya je ya sayi awaki, ko ya ba da kaya bashi ba da izini ba, ko ya jibge wake a sito mai yoyo alhali an gargaɗe shi, to ya lamunta. Wahalar ita ce tabbatarwa, domin in ya ce kaya sun lalace, maganarsa ake kamawa tare da rantsuwa matuƙar babu shaidar da ta ƙaryata shi. Shi ya sa rubuta sharuɗɗa da ajiye rasit suka fi yawan "ai ɗan gida ne" amfani. Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne mai bin bashi ya ce wa wanda yake bi, "ka riƙe kuɗin ka juya mana." Malik ya hana haka sai an karɓi bashin a hannu tukuna, don kada ya zama jinkirin biya da ƙari a fakaice.

Musharaka kuwa tarayya ce da kowa ya zuba nasa. Ace Hajiya ta kawo miliyan 1 da rabi, shi ya kawo dubu 500. Yanzu kashi ɗaya cikin huɗu na jarin nasa ne, kuma in aka yi asarar dubu 200, ita ta ɗauki dubu 150, shi dubu 50. Mazhabobi huɗu sun haɗu a kan cewa asara tana bin jari, babu sharaɗin da zai canza haka. A riba ne aka rabu. Malikiyya da Shafi'iyya sun ce ita ma ta bi gwargwadon jari, Hanafiyya da Hambaliyya suka yarda a fifita wanda ya fi yin aiki. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain, wadda bankunan Musulunci da yawa ke bin ƙa'idojinta, ta ɗauki ra'ayi na biyu. Saboda haka in ka ga banki ya raba riba da wani kaso dabam da na jari, kada ka yi saurin cewa ya kauce.

Wanda ya buɗe asusun zuba jari na mudaraba a irin bankin Jaiz, da ya fara aiki a 2012, ko TAJ da ya biyo baya a 2019, shi ne a mazaunin Hajiya, bankin kuma shi ne mai juyawa. Adadin da aka faɗa masa ranar buɗe asusu hasashe ne, abin da ke cikin yarjejeniya shi ne kason rabo. Amma idan ɗan kasuwa ya je neman jari, da wuya banki ya ba shi kiradi. Ya fi son murabaha, wato ya sayo kayan ya sayar masa bashi da ribar da aka sani tun farko. Dalilin shi ne matsalar Hajiya ɗin nan: banki ba ya zaune a rumfa, kuma ɗan kasuwar da ba ya rubuta cinikinsa zai iya cewa bana babu riba, a rasa takardar da za a buɗe a duba.