Inda Mai Ƙaramin Ƙarfi Ke Samun Madogara a Ciniki

A ciniki ko sasanci, ba yawan dukiya kaɗai ke ba mutum rinjaye ba. Abin da ya fi tasiri shi ne wa zai fi jin jiki idan aka tashi ba a daidaita ba. Manoman koko na ƙasar Gold Coast, wato Ghana ta yau, sun nuna haka a fili.

A 1937 manyan kamfanonin Turawa masu sayen koko, ciki har da UAC da Cadbury, suka haɗa baki su daina gasa da juna wajen saye. Manomi guda ba shi da ta cewa a gabansu. Sai manoma suka ƙi sayar da koko baki ɗaya, tun daga ƙarshen shekarar har zuwa Afrilun 1938, suka kuma ƙaurace wa yawancin kayan da kamfanonin ke shigowa da su.

Madogararsu ta farko ita ce suna da abin komawa. Yawancinsu na noma rogo, doya da ayaba, don haka rashin kuɗin koko bai hana su cin abinci ba. Busasshen koko kuma yana jure ajiya na wasu watanni, alhali kamfanoni na biyan ma'aikata, ga atamfa jibge a kantuna babu mai saye. Da kayan gwari ne irin tumatir, da wannan dabara ba ta kai mako ba, domin lokaci na tare da wanda kayansa ba sa lalacewa. Haɗin kai ya ƙara musu nauyi: dillalai, waɗanda yarjejeniyar ta taɓa la'adarsu, sun shigo, sarakuna ma sun mara baya. Ga kuma hujja mai ƙarfi, tunda yarjejeniyar kamfanonin ba ƙage ba ce. Gwamnatin Birtaniya ta naɗa kwamitin Nowell, wanda rahotonsa na 1938 ya ba da shawarar a janye ta.

Duk wannan matsi ne na halal, saboda gaskiya ne kuma a bayyane aka yi shi. Kamfanoni sun san abin da ake nema, sun san abin da zai kawo ƙarshen ƙauracewar. Yaudara na farawa ne inda mutum ya ƙirƙiri wani mai saye da babu shi, ko wa'adin ƙarya, ko ya yi barazanar da ba zai cika ba. Ana gane ta da cewa tana rushewa da zarar abokin ciniki ya san yadda al'amarin yake.

Su ma manoman ba su tsira daga aibu ba. A wasu garuruwa an tilasta wa masu son sayarwa da rantsuwar sarki da tara, wanda zalunci ne a kan 'yan'uwa matalauta. Ƙarfin nasu kuma yana da iyaka: sun girgiza yarjejeniyar, amma farashin koko a kasuwar duniya ya ci gaba da zama ƙasa, kuma da yawa sun sayar a kan kuɗin da bai kai wanda suka ƙi tun farko ba.