Turmi Goma, Zane Ɗaya: Yadda Tela Ke Tsare Kayan Mutane

A Kano, ba abin da ke gwada tsarin shagon tela kamar ankon biki. Ƙawayen amarya goma sun sayo atamfa iri ɗaya daga Kantin Kwari, kowacce ta kawo turminta, kowacce da ɗinkin da take so. Da almakashi ya shiga, hannun rigar wannan da na waccan sai su zama ba a iya bambance su. Daga nan rigima ke tashi: wata ta ce an rage mata yadi, wata ta ga ɗankwalinta ya ƙanƙance.

Telolin da suka ƙware suna rigakafin wannan tun daga bakin ƙofa. Ana warware atamfar a auna a gaban mai ita, domin turmi yadi 6 ne, amma wani ya kan zo da ragi ko tabo. Sai a ba aikin lamba a littafin shago, a yanko ɗan ƙyalle a maƙala a gefen awon, a rubuta lambar da alli a bayan atamfar da kuma jikin ledar da za a ajiye ta. Duk yankin da aka fitar, cikin ledar nan zai koma.

A ɗauki aiki mai lamba 14, riga da siket. An karɓi yadi 6. Riga da siket sun ci 4, ɗankwali ya ci 1, saura 1. A ƙarƙashin wannan lissafi tela zai rubuta abin da ya fita daga aljihunsa: shafi yadi 2, zif biyu, zare ɗaya. A nan ne riba ke zurarewa ba a sani ba, don mai kaya ita ta kawo atamfa, amma zif da zare da maɓalli na shago ne. Telan da bai rubuta su ba yana yanke kuɗin ɗinki da ka, ƙarshen wata ya ga aiki ya yi yawa, kuɗi babu.

Rubutun kuma shi ke nuna lokacin sari. In dozin ɗin baƙin zif ya koma saura uku, a sayo kafin cunkoson Sallah.

Shi kuwa ragowar yadin nan, na mai kaya ne, ba na shago ba. Ana ninke shi a miƙa tare da ɗinki. Ƙananan ƙyallaye kuma a tambaye ta: in ta yafe, su shiga buhun faci da cikin aljihu; in ba haka ba, a bar su cikin ledar da lambarta, domin ranar da za ta dawo a buɗa mata riga, samun irin atamfar a kasuwa ba tabbas ba ne.

Mai kai ɗinki ma da nasa aikin: ya tsaya a auna a gabansa, ya riƙe lambarsa, ya kuma faɗi tun farko ko yana son ragowarsa.